Muhimman batutuwan bincike a rahoton odita: yadda ake zaɓensu da yadda ake rubuta su

Daga watan Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, ofisoshin oditoci a Kaduna ba sa rufewa da wuri. Yawancin kamfanoni shekarar kuɗinsu tana ƙarewa ne ran 31 ga Disamba, waɗanda kuma ke kan kasuwar hannun jari dole su miƙa bayanan kuɗinsu da aka bincika cikin kusan wata uku. A wannan rububin, sashen rahoto da aka fi bari sai daren ƙarshe shi ne wanda ake sa wa taken `Key Audit Matters`, wato muhimman batutuwan bincike. Sau da yawa sai a jawo rahoton bara, a canja shekara da alƙaluma, a kai wa oga ya sa hannu. Na yi hakan lokacin da nake ƙarami a aiki, shi ya sa nake saurin gane shi a rahoton wani.

Ƙa'idar da ta kawo sashen ita ce ISA 701, wadda hukumar tsara ƙa'idojin bincike ta duniya, IAASB, ta fitar a Janairun 2015. Ta fara aiki kan bayanan kuɗin da shekararsu ta ƙare daga 15 ga Disamba 2016. Kafin nan rahoton odita kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an duba, bayanan sun nuna gaskiyar halin kamfani, sai sa hannu. Mai hannun jari ba ya sanin inda aikin ya yi tsauri. Sashen ya wajaba a binciken kamfanonin da ke kan kasuwar hannun jari, da duk inda doka ta nema, kuma odita yana iya sa shi don ra'ayin kansa a wasu kamfanonin.

Ma'anar gajera ce: batutuwan da odita, bisa hukuncinsa na gwani, ya ga sun fi kowane nauyi a binciken bayanan kuɗin wannan shekarar, kuma ana tsamo su ne daga cikin abubuwan da ya riga ya tattauna da masu sa ido kan kamfanin. Wanda ya riƙe wannan jimlar da kyau ya riƙe rabin aikin, domin a cikinta akwai matakan tankaɗe guda uku.

Kamfanin da za mu yi aiki da shi

Zan yi amfani da misali guda har ƙarshe. Kamfanin da alƙalumansa na tsara su ne don koyarwa. A ce kamfanin haɗa abincin kaji ne a unguwar masana'antu ta Kakuri, yana kan kasuwar hannun jari, yana sayen masara lokacin kaka daga kasuwannin Saminaka da Giwa da Soba, ya zuba a rumbunan ƙarfe guda shida. Cinikinsa na shekara naira biliyan 48, ribarsa kafin haraji biliyan 2.4. Mun tsayar da mizanin kuskuren da zai iya sauya tunanin mai karatu a kan kashi 5 cikin 100 na ribar, wato naira miliyan 120. A riƙe wannan adadin, don duk abin da zai biyo baya da shi za a gwada.

Mataki na farko: haɗa jerin abin da aka faɗa wa kwamiti

Ba a fara zaɓe daga bayanan kuɗi. Ana farawa daga wasiƙu da rahotanni da bayanan zaman da aka yi da masu sa ido, kamar yadda ISA 260 ta tanada. A kamfanin jama'a a Nijeriya, wannan yana nufin hukumar daraktoci da kwamitin binciken kuɗi, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ya ƙunshi mutum biyar: uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwar yau da kullum. Abin da ba a taɓa kai wa gabansu ba, bai kamata ya ɓullo kwatsam a rahoto ba. Idan ka ga kana son rubuta batun da ba ka faɗa musu ba, koma ka faɗa musu tukuna.

A misalinmu, da muka bi fayil muka sami abubuwa tara: yawan masarar da ke rumbuna da darajarta; bashin da dillalai da masu gonakin kaji ba su biya ba; asarar canji kan rancen dala; yadda ake shigar da ciniki a littafi; haɗarin manyan kamfani su tsallake tsarin kula don su juya alƙaluma; wani tsohon ma'aikaci da ba a toshe masa shiga manhajar lissafi ba; saɓani da hukumar haraji kan kuɗin da bai kai miliyan 30 ba; jinkirin daidaita asusun banki; da kuma tabbacinmu na cewa ba mu da alaƙar da za ta hana mu faɗin gaskiya. Wannan matakin ba ya buƙatar dabara, haƙurin bin takardu kawai yake so.

Mataki na biyu: waɗanne ne suka ci hankalinka sosai

A nan ƙa'idar ta ba da abubuwa uku da za a duba. Na farko, wuraren da ka auna tun farkon aiki ka ga haɗarin babban kuskure ya yi yawa a cikinsu, bisa ISA 315. Na biyu, wuraren da mahukuntan kamfani suka yi ƙiyasi ko suka yanke hukunci mai wuya, kai ma sai da ka yanke naka, musamman ƙiyasin da sakamakonsa ke da rashin tabbas mai yawa. Na uku, manyan al'amura ko hada-hadar da suka faru a shekarar suka shafi yadda ka yi binciken.

Ma'aikacin da ba a toshe ba, da ƙaramin saɓanin haraji, da jinkirin daidaita asusun banki, da tabbacin 'yancinmu, duk sun faɗi a wannan rariyar. An faɗa wa kwamiti, an yi abin da ya dace, ba su sauya tsarin aikinmu ba. Saura biyar.

Mataki na uku: a cikin biyar ɗin, waɗanne suka fi nauyi

Wannan ne wurin da ake yin kuskure, don haka zan daɗe a kansa.

Wata shekara wani yaro da ke ƙarƙashina ya kawo mini daftari, ya sa asarar canji a saman jeri. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Oga, ai ita ce lamba mafi girma a shafin." Na ce masa ya buɗe fayil ya nuna mini kwana nawa muka yi a kanta. Sai ya yi shiru, don yini guda ne bai ma cika ba.

Mu ɗauko ta a misalinmu. Kamfanin yana da rancen dala miliyan 2. A ce dala ta tashi daga naira 900 a farkon shekara zuwa 1,500 a ƙarshenta. Asarar ta zama naira biliyan 1.2, ninki goma na mizaninmu. Lamba ce mai razanarwa, amma me bincikenta ya ci? Mun aika wa banki ya tabbatar da ragowar bashin, mun ɗauko farashin canji na ranar rufe littafi, mun ninka, ya yi daidai da na kamfani. Babu ƙiyasi, babu jayayya, ba mu kira gwani ba. Mai hannun jari zai ga asarar a bayanan kuɗi da idonsa. Ba ta shiga ba.

Sai dai kada a mayar da wannan doka. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kafofin canji a Yunin 2023, akwai farashi fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma zaɓen wanda za a juya bashi da shi hukunci ne na gaske da za a iya yin makonni ana muhawara a kai. A irin waccan shekarar, rancen nan guda zai iya cancanta. Abin da ya bambanta shekarun biyu shi ne yawan hukuncin da aka yanke, girman bashin yana nan yadda yake.

Ciniki fa? ISA 240 ta ce odita ya ɗauka tun farko cewa akwai haɗarin zamba a yadda ake shigar da ciniki, sai in yana da hujjar cewa babu. Ta kuma ce haɗarin manya su tsallake tsarin kula yana nan a kowane kamfani, wannan kam ba a kawar da shi. Saboda haka mutane da yawa suke kwashe su biyun su zuba a rahoto kowace shekara. Amma kasancewar abu babban haɗari a takardar tsara aiki bai sa ya zama muhimmin batu kai tsaye ba. Cinikin kamfaninmu mai sauƙi ne: mota ta shiga, an loda buhuna, an auna, an yanke rasit. Mun gwada na kwanakin ƙarshen Disamba da farkon Janairu don mu ga ba a ja cinikin sabuwar shekara baya ba, ba mu sami komai ba. Mun binciki shigarwar da aka yi da hannu a littafi, nan ma lafiya. Da kamfanin gine-gine ne mai kwangilar shekara uku, inda ake ƙiyasta kashi nawa na aiki aka kammala, da labarin ya sha bamban. A nan mun ajiye su biyun, muka rubuta dalili a fayil.

Saura masara da bashin dillalai.

Masarar tan 18,000 ce a littafi, a kan naira 500,000 kowane tan, wato biliyan 9. Matsalarta ita ce ba a ƙirga ta kamar buhunan da ke sito. Tana cikin rumbun ƙarfe, ba mai juye ta ya auna. Ana zura igiyar awo daga sama a san tsawon da ta kai, a fitar da girman wurin da ta cika, a ninka da nauyin masara a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, wanda ke kusa da kilo 720 amma yana motsi gwargwadon danshi da datti da yadda ta danne kanta. Rumbun da faɗinsa mita 15 ne, kowace mita ɗaya ta tsawo tana ɗaukar kusan tan 127. Saman masarar kuma ba a shafe yake ba, yakan yi tsini in ana zubawa, ya yi rami in ana ɗiba. Idan aka yi kuskuren rabin mita a kowane rumbu cikin shidan, an sami bambancin kusan tan 380, wato naira miliyan 190. Ya zarce mizaninmu na miliyan 120, alhali babu wanda ya saci ko ƙwaya ɗaya. Dole muka ɗauko gwanin awo mai zaman kansa, muka hau rumbunan tare da shi, muka yi zama biyu da kwamiti a kan batun.

Bashin kuwa biliyan 3.1 ne, miliyan 900 a ciki ya wuce kwana 90. Tun da ƙa'idar lissafi ta IFRS 9 ta fara aiki a 2018, kamfani ba ya jira sai bashi ya mutu, dole ya ƙiyasta asarar da yake tsammani ya yi mata tanadi. Mahukunta sun yi tanadin miliyan 260, bisa tarihin biyan shekarun baya. Amma a shekarar an yi murar tsuntsaye a wasu gonakin, farashin abinci ya tashi, gonaki da dama sun rage kaji ko sun rufe. Namu lissafin ya ba da tsakanin miliyan 300 da 410. Bayan doguwar tattaunawa suka ɗaga tanadin zuwa miliyan 340.

Tambayoyin da nake yi wa kowane batu a wannan matakin sun fito ne daga bayanin da ke tare da ƙa'idar. Shin mai karatu zai fahimci bayanan kuɗin in bai san da wannan ba? An sami kuskuren da aka gyara ko aka ƙi gyarawa? Mun nemi gwani, ko mun tuntuɓi wani a wajen tawagar aiki? Samun hujja ya yi wuya? Sau nawa muka koma wa kwamiti? Masara da bashi sun amsa kusan duka. Su biyun suka zama muhimman batutuwanmu.

Ƙa'idar ba ta yanke adadi ba. Amma jeri mai tsawo yana karya ma'anar "mafi nauyi". In ka ga bakwai a matsakaicin kamfani, to ba a yi tankaɗen ƙarshe ba. Kuma zaɓen na wannan shekarar ne kaɗai. Ba dole ka bayyana a rahoto abin da ya sa batun bara ya fita ba, ko da yake yana da kyau ka duba ko har yanzu yana da nauyi.

Mataki na huɗu: fitar da abin da gidansa daban

Kafin a fara rubutu, a tsaya a duba abubuwa uku, don nan ne kuskure ke zama laifi.

A ce kamfanin ya hana mu hawa rumbuna, kuma babu wata hanyar da za mu tabbatar da tan 18,000 ɗin. Wannan ya tashi daga muhimmin batu ya koma togaciya a ra'ayin da odita ke bayarwa kan bayanan kuɗin, bisa ISA 705. Ba ya halatta a ba da ra'ayi mai tsabta sannan a ɓoye damuwar a sashen muhimman batutuwa da lafazi mai laushi. Haka in mahukunta sun ƙi motsa tanadin bashi daga wurin da kuskuren ya yi girman da ba za a ɗaga masa ƙafa ba. Ana bayyana dalilin a sashen hujjar togaciya, sai sashen muhimman batutuwa ya yi nuni zuwa can kawai.

Na biyu, idan asarar canjin nan ta sa kamfanin ya karya sharuɗɗan rance har aka shiga shakka mai ƙarfi kan ko zai iya ci gaba da harka, wannan ma yana da nasa sashe a rahoto bisa ISA 570, nuni kawai ake yi masa. Amma in an yi dogon aiki kan batun aka gamsu cewa babu irin wannan shakkar, to aikin da aka yi zai iya shiga a matsayin muhimmin batu.

Na uku, in odita ya ƙi ba da ra'ayi gaba ɗaya, ba a sa sashen sam, sai in doka ta tilasta. Dalilin a fili yake: wanda ya ce bai iya cewa komai kan bayanan ba, in ya shiga bayanin aikin da ya yi kan wasu sassa, mai karatu zai ɗauka ya amince da su.

Akwai kuma sakin layin jan hankali na ISA 706. Abin da ka riga ka yanke cewa muhimmin batu ne, ba ka mayar da shi can don ka kauce wa rubuta bayanin aikinka.

Mataki na biyar: rubutun kansa

Sashen yana buɗewa da gabatarwa da ke cewa waɗannan su ne batutuwan da suka fi nauyi a binciken shekarar, an magance su ne a cikin binciken bayanan kuɗin baki ɗaya, kuma ba a ba da ra'ayi na daban a kan kowannensu. Daga nan kowane batu ya sami ƙaramin takensa, kuma dole ya ƙunshi abu uku: dalilin da ya sa ya shiga, yadda aka tunkare shi, da nuni zuwa wurin da kamfanin ya yi bayaninsa a ƙarin bayanan da ke bayan alƙaluma, in akwai.

Rahotanninmu da Turanci ake rubuta su, amma cutar rubutun ba ta da yare. Ga irin wanda ake kwafowa daga na bara:

"Kayan ajiya suna da muhimmanci a bayanan kuɗi kuma darajarsu tana buƙatar hukuncin mahukunta. Mun gwada tsarin kula, mun halarci ƙirga, mun duba daraja, mun tantance isar bayanin da aka yi."

Ka rufe sunan kamfanin da yatsa ka sake karantawa. Zai dace da kamfanin siminti, zai dace da masaƙa, zai dace da kantin magani. Mai karatu bai ƙaru da komai ba. Ga yadda na masararmu ya kamata ya kasance:

"Yawan masarar da ke rumbuna. A ranar 31 ga Disamba kamfanin yana da masara ta naira biliyan 9 a rumbunan ƙarfe shida, kamar yadda ƙarin bayani na 14 ya nuna. Ba a iya auna ta kai tsaye. Ana ƙiyasta nauyinta ne daga tsawon da ta kai a rumbu da kuma nauyin da ake ɗauka kowace mita tana ci, wanda danshi ke sauyawa. Ƙaramin bambanci a ɗayan biyun yana iya sauya darajar da adadi mai yawa, shi ya sa muka ɗauki wannan a matsayin muhimmin batu.

"Mun halarci awon dukkan rumbunan shida a ranar rufe littafi tare da gwanin awo mai zaman kansa, bayan mun tantance ƙwarewarsa da rashin alaƙarsa da kamfanin. An ɗibi samfuri daga kowane rumbu aka gwada danshi da nauyi, muka sake lissafin da kanmu. Mun kwatanta sakamakon da takardun sikelin motoci na masarar da ta shigo da wadda aka ɗiba zuwa injin niƙa a tsawon shekarar. Mun kuma kwatanta kuɗin haɗa abincin kaji da farashin da aka sayar da shi a Janairu da Fabrairu, don mu ga ko akwai buƙatar rage darajar masarar."

Jimlar ƙarshen nan tana da dalili. Ƙa'idar lissafi ta IAS 2 ta ce a rubuta kayan ajiya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin saye da abin da za a samu in an sayar. Amma kayan da za a sarrafa, ba a rage darajarsu don farashinsu ya faɗi a kasuwa, matuƙar abin da za a ƙera da su zai sayu a kan kuɗin haɗa shi ko sama. Saboda haka faɗuwar buhun masara a Saminaka kaɗai ba ta isa hujja ba, farashin buhun abincin kaji ake kallo. Wanda ya rubuta cewa ya kwatanta da farashin masara a kasuwa ya tsaya nan, ya nuna bai gama aikin ba.

Kowace jimla da ta fara da "mun" dole a iya ɗora yatsa a kan takardarta a fayil. Ina zama da daftarin a hannun hagu, fayil a dama, ina rubuta lambar shafi a gefen kowane aiki. Kwafen rahoton bara a nan yake tona asiri: sai ka ga an rubuta an yi amfani da gwani, alhali bana ba a kira kowa ba.

Sai batun faɗin sakamako. Ƙa'idar ta yarda a nuna abin da aikin ya haifar ko a faɗi muhimmin abin da aka lura da shi, amma ba ta wajabta ba. Ni ina ganin faɗinsa ya fi, don mai karatu da aka gaya wa an hau rumbu zai so ya ji me aka gani. Sai dai a kula da lafazi. "Bambancin da ke tsakanin lissafinmu da na littafi bai fita daga iyakar da muka sa wa irin wannan awon ba" magana ce kan aikin da aka yi. "Mun gamsu cewa darajar masarar daidai ce" kuwa ta zama ƙaramin ra'ayi a kan sashe ɗaya, abin da gabatarwar sashen ta ce ba a yi.

A batun bashi akwai wani tarko daban. Odita ba shi ne zai fara fitar da labarin kamfani da kamfanin bai fitar ba. Ba za mu rubuta sunan dillalin da ya kasa biya ba, ba za mu rubuta cewa da farko mahukunta sun sa miliyan 260 sai da muka matsa ba. Za mu ce bashin biliyan 3.1 ne, tanadin miliyan 340, ƙiyasin ya dogara da tarihin biya da kuma hasashen halin da masu kiwon kaji ke ciki. Sannan mu faɗi aikin: mun gwada yadda aka raba bashin bisa tsufansa ta hanyar komawa ga rasit na asali, mun duba kuɗin da ya shigo bayan ƙarshen shekara daga manyan masu bashi, mun fitar da namu zangon ƙiyasi muka kwatanta. To idan kamfanin bai ambaci murar tsuntsaye a ƙarin bayaninsa ba, alhali ita ce tushen shakkar? Hanyar ita ce a koma wa mahukunta a ce su ƙara bayanin a nasu ɓangaren. Galibi sukan yarda, don sun fi son labarin ya fito daga bakinsu. Kuma in bayanin da tsarin lissafi ya wajabta ne suka ƙi yi, rubutun odita ba ya cike musu gurbin, maganar ta koma kan ra'ayi.

Mataki na shida: kai daftarin gaban kwamiti, da rubuta dalilai

Dole a sanar da masu sa ido batutuwan da aka zaɓa, ko a sanar da su cewa babu ko ɗaya. Kada a bar wannan sai ranar sa hannu. Ina ba su hasashena tun zaman tsara aiki, in kai daftarin rubutun aƙalla mako guda kafin zaman ƙarshe.

A nan ne ake jin ƙorafi. Wani daraktan kuɗi ya taɓa ce mini, "Malam, in kuka rubuta wannan, banki zai ɗauka kayanmu ba su cika ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, karanta sakin layi na biyu. Abin da bankin zai gani shi ne an hau kowane rumbu an auna." Ya nemi a gyara wata kalma da ta yi kama da zargi, kuma yana da gaskiya, muka gyara. Gyaran kuskuren bayani ko lafazi abu ne mai kyau. Cire batun don ba ya yi wa kamfani daɗi kuwa ba ya cikin abin da ake ciniki a kai.

Hanyoyi biyu kaɗai ƙa'idar ta bari na ƙin bayyana batun da ya cancanta. Ko dai doka ta hana, misali in bayyanawar za ta ɓata binciken da hukuma ke yi kan wani laifi, ko kuma a yanayi mai matuƙar wuyar samuwa inda cutarwar bayyanawar za ta rinjayi amfanin da jama'a za su samu. Ta biyun ba ta aiki in kamfanin ya riga ya fitar da labarin da kansa. Tsoron faɗuwar farashin hannun jari na 'yan kwanaki, ko jin kunyar darakta, ban ga yadda za su kai wannan matsayin ba.

Abin da ya rage shi ne takarda guda a fayil, wadda mai bitar ingancin aiki zai fara nema, haka ma masu duba aikin oditoci in sun zo. Ƙa'idar ba ta ce a rubuta dalili kan kowane abu cikin taran farko ba. Abin da take so shi ne biyar ɗin da suka ci hankali, kowanne da dalilin shigarsa ko fitarsa. Ga rancen dala, layi biyu sun isa: adadin ya ninka mizani sau goma, amma banki ya tabbatar da ragowar, farashin canji guda ne a ranar, babu ƙiyasi, ba a sami kuskure ba. A sa kwanan wata, wanda ya shirya ya sa hannu, oga mai sa hannu a rahoton ya duba ya sa nasa kafin ranar da za a rubuta a ƙasan rahoton.